Tarar Jinkirin Biya: Yadda Ake Tuna Wa Abokin Ciniki Ba Tare Da An Ɓata Ba

A cikin takardun ciniki da ƙananan kamfanoni ke rubutawa yanzu, da wuya a rasa wani layi can ƙasa-ƙasa da ke cewa idan mai saye ya wuce wa'adin biya, akwai tarar da za ta hau kansa. Masu maɗaba'a suna sa shi, masu ba da hayar rumfa da kujeru suna sa shi, haka ma masu kai wa makarantu da asibitoci kaya. Ranar sa hannu ba wanda ya damu da shi, domin kowa yana cikin fara'a kuma kowa ya tabbata ba za a kai can ba. Sai wa'adi ya cika, kuɗi ba su shigo ba, sannan mai kaya ya gane cewa rubuta layin ya fi furta shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yawancin 'yan kasuwa ɗayan abu biyu suke yi. Ko dai su yi shiru saboda nauyin abokin ciniki, su haɗiye asarar, ko kuma su yi ta haƙuri har zuciya ta cika, sannan su fito da sharaɗin rana ɗaya cikin fushi. Na farkon ya rasa kuɗi, na biyun ya rasa mutum, wani lokaci ma ya rasa duka biyun. Abin da ke sa tunatarwa ta zama faɗa ba ambaton tarar ba ne. Abu uku ne ke jawo hakan: maganar ta zo wa mutum bagatatan bayan tarar ta riga ta hau, a haɗa ta da hukunci a kan halinsa, ko a yi ta a gaban waɗanda bai kamata su ji ba. Wanda ya kauce wa waɗannan zai iya faɗin adadin tarar har zuwa naira ta ƙarshe, a rabu lafiya.

A ɗauki misalin wani matashi mai ƙaramar maɗaba'a a Kano. Misali ne kawai, amma lissafinsa irin wanda ake yi kullum ne. Wata makaranta mai zaman kanta, mallakar wata Hajiya da ta haife shi a shekaru, ta ba shi aikin buga littattafan rubutu masu tambarin makaranta da katunan sakamakon jarrabawa. Kuɗin aiki naira 1,200,000. An ba shi kafin alƙalami na naira 500,000, saura cikon naira 700,000 da za a biya cikin kwana 30 bayan ya kai kaya. Ya kai kaya ranar 1 ga Satumba, akawun makaranta ya ƙirga ya sa hannu, saboda haka wa'adi ya faɗa ranar 1 ga Oktoba. Sharaɗi na shida a takardarsu ya ce akwai ƙarin kwana 7 na sassauci, bayan haka kashi 2 cikin ɗari na abin da ya rage zai hau a kowane wata, ana lissafa shi kwana-kwana. Kashi 2 cikin ɗari na 700,000 naira 14,000 ke nan a wata, kuma ranar farko da za a fara ƙirga ita ce 9 ga Oktoba.

Kafin a je ga yadda zai yi magana, akwai tambayar da a ƙasar Hausa ba a tsallake ta: aljihun wa wannan naira 14,000 za ta shiga? Idan nasa ne, to ya shirya jin amsar da za ta rufe masa baki, wato a ce masa kuɗin ruwa yake nema. Kuma mai faɗin hakan yana da hujja mai ƙarfi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta yanke a zamanta na Jidda a 1990 cewa bai halatta a ɗora wa mai saye ƙari ba don ya makara wajen biyan bashin ciniki, ko da an sa sharaɗin tun farko. A zamanta na Riyad a 2000 ta ƙara fayyace abin. Ana iya sa sharaɗin tara a kan ɗan kwangila ko mai ƙera kaya idan ya makara wajen gama aiki, amma ba a sa shi a kan wanda abin da ake bin sa bashin kuɗi ne. A misalinmu ke nan, Hajiya tana iya cin mai maɗaba'a tara idan bai kawo littattafai kafin a koma makaranta ba, shi kuwa ba zai ci ta tara ya sa a aljihu ba don ta jinkirta biya.

Mafitar da bankunan Musulunci da dama suke bi ita ce wadda hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta amince da ita a ƙa'idarta ta uku ta shari'a, wadda ta shafi mai jinkirta bashi. Mai saye yakan ɗauki alkawari tun ranar ƙulla ciniki cewa idan ya jinkirta alhali yana da halin biya, zai fitar da wani adadi sadaka, kuma mai bin bashin ba ya amfana da ko sisi. An gina wannan a kan fahimtar wasu malaman Malikiyya game da mutum ya lazimta wa kansa wani alheri, kuma akwai malaman da ba su gamsu da ita ba, don haka wanda zai rubuta irin wannan sharaɗi ya fara zama da malamin da ya amince da shi. Mai maɗaba'armu wannan hanya ya bi. Takardarsa ta ce kuɗin tarar za su tafi wani gidan marayu da su biyun suka ambata, kuma sharaɗi na biyar ya ɗora masa tasa tarar idan shi ya makara da aiki. Waɗannan abubuwa biyu sun rage masa rabin nauyin maganar tun kafin ya buɗe baki. Ba ya neman ƙari don kansa, kuma sharaɗin da ya ɗaure Hajiya ya ɗaure shi.

Inda cinikin bai rataya a kan wannan hukunci ba, kamar tsakanin kamfanonin da suka yarda tarar ta zama diyya ga mai kaya, doka tana da nata ma'aunin. Kotunan Nijeriya sun gaji ƙa'idar Ingila da ta shahara daga shari'ar kamfanin taya na Dunlop ta 1915, wadda ta bambanta adadin da aka ƙiyasta da gaskiya a matsayin asarar da jinkiri zai jawo da adadin da aka zuba don tsoratarwa. Na farko kotu tana tilasta shi, na biyu tana iya yin watsi da shi. Wanda ya rubuta kashi 10 cikin ɗari a kowane mako ya rubuta abin da zai yi wuyar karewa a gaban alƙali, kuma babu daɗin bakin da zai sa tunatar da shi ta yi taushi. A Birtaniya dokar 1998 ce da kanta ta ba 'yan kasuwa damar ɗora kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin ruwan Bankin Ingila idan wani kamfani ya makara, ko da takardarsu ba ta faɗa ba, saboda haka mai tunatarwa a can yakan fake da doka. A nan kuwa madogarar mai kaya galibi ita ce takardar da aka sa wa hannu. Tarar da aka fara ganin ta a jikin takardar neman biya bayan an gama aiki, ba a yi maganarta ranar ciniki ba, ba a tuna wa kowa ita, domin ba a taɓa yarda da ita ba.

Aikin tunatarwa ya fara ne ranar 24 ga Satumba, saura mako guda wa'adi ya cika, lokacin da ba wanda ya yi laifin komai. Mai maɗaba'a ya tura wa akawun makaranta saƙo ta WhatsApp: “Malam, barka da aiki. Ina fatan yara sun ji daɗin littattafan. Ga takardar cikon kuɗinmu, naira 700,000, wa'adinta ranar 1 ga Oktoba. Na haɗa da hoton yarjejeniyarmu don ya zama kusa da hannu. Idan akwai wata takarda da kuke bukata daga wajena kafin a fitar da kuɗin, sai a sanar da ni.” Bai ambaci tara ba ko sau ɗaya, amma hoton yarjejeniyar yana ɗauke da ita, kuma tambayar da ya rufe da ita tana da amfani na gaske. Jinkiri da yawa ba daga rashin kuɗi yake zuwa ba. Lambar asusu ce aka rubuta ba daidai ba, ko takardar shaidar karɓar kaya ce ta ɓata a ofis, ko mai sa hannu na biyu ya yi tafiya. Waɗannan ana gyara su cikin mako guda idan an tambaya da wuri.

Ranar 1 ga Oktoba ta wuce ba alat. Washegari ya ɗauki waya ya kira akawu, kuma kiran na tambaya ne: lafiya dai, ko akwai abin da ya tsaya? A nan ne ake gane irin jinkirin da ake fama da shi, kuma kowane iri da maganarsa. Wanda ya manta yakan ba da haƙuri nan take ya faɗi rana. Wanda ke da ƙorafi a kan kaya yakan fito da shi da zarar an ba shi ƙofa, ya ce bango ya yi laushi ko katan ɗaya bai cika ba, kuma shi ba a yi masa maganar tara sai an warware ƙorafin, domin ambatonta a lokacin tamkar cewa ne ba a ji kokensa ba. Wanda ya shiga matsi na gaske yakan faɗi dalili da za a iya dubawa, ya nemi a karɓi wani abu yanzu. Mai taurin bashi kuwa alamarsa ranakun da ba su da lamba: in sha Allahu cikin satin nan, da zarar an samu sarari, kada ka damu. Sau da yawa kuma a daidai lokacin ake ganin yana sayen wasu abubuwa da kuɗi hannu.

Akawu ya ce iyayen yara ba su gama biyan kuɗin zango ba, kuma an fara da albashin malamai. Dalili ne mai kama hankali, amma bai zo da rana ba. Ya ƙara da cewa fitar da kuɗi irin wannan sai da izinin Hajiya.

Wannan ya nuna wa mai maɗaba'a wanda ya kamata ya ji maganar sharaɗin. Akawu bai sa hannu a takarda ba, kuma ba shi da ikon yanke komai. Idan aka ba shi saƙon tara ya kai, zai isa kunnen Hajiya a gajarce, ba gaisuwa ba bayani, a ce mata yaron nan ya ce zai ci mu tara. Saboda haka ranar 5 ga Oktoba, saura kwana uku sassauci ya ƙare, ya kira ta da kansa da hantsi, bayan hayaniyar shigar yara aji ta lafa. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi gida da makaranta, sannan ya ce akwai 'yar magana a kan takardarsu da zai turo mata a rubuce don kada ya cika ta da lissafi a waya. Ga abin da ya tura:

“Hajiya, ranki ya daɗe, barka da war haka. Game da cikon aikin littattafai ne, naira 700,000, wanda wa'adinsa ya cika ranar 1 ga Oktoba. Malam ya yi mini bayanin halin da ake ciki na kuɗin zango, kuma na fahimta. Na ga ya kamata in tuna mana da wuri cewa kwana 7 na sassauci da muka rubuta a sharaɗi na shida za su ƙare ranar 8 ga wata. Daga ranar 9 kashi 2 cikin ɗari da muka yi alkawarin bai wa gidan marayu zai fara ƙirguwa, wato naira 14,000 a wata a kan wannan adadi. Na fi son kada a kai can. Idan za a iya biya kafin ranar 8, shi ke nan babu komai. Idan ba zai yiwu duka ba, duk abin da aka rage yana rage lissafin. A gaya mini abin da ya fi sauƙi. Allah ya ƙara girma.”

Yana da kyau a tsaya a kan wannan saƙo, domin kusan kowace jimla tana da aikin da take yi. Ya ce “in tuna mana”, bai ce in tuna miki ba, kuma ya ce “muka rubuta”, domin sharaɗin na su biyu ne, ba doka ce da ya kafa mata ba. Ya nuna ya ji uzurinta kafin ya kawo lissafi. Ya kawo lambar sharaɗi da rana da adadi a fili, bai yi kewaye-kewaye ba. Mutane da yawa suna zaton ladabi shi ne a ɓoye lamba, a ce akwai ɗan abin da zai hau, alhali magana mai duhu ita ta fi kama da barazana, domin mai karatu zai cike gurbin da mafi munin abin da ya zo masa a rai. Naira 14,000 a rubuce ƙaramin abu ne da za a iya dubawa a yanke shawara. Abu mafi muhimmanci shi ne lokacin. Tarar ba ta hau ba tukuna, saboda haka saƙon gargaɗin masoyi ne mai ɗauke da hanyar kuɓuta. Da ya bari sai ranar 20 ga wata, kalmomin nan ɗin dai za su koma takardar hukunci.

Akwai kuma abin da babu shi a ciki. Bai ce ta saba alkawari ba. Bai ce ya kira sau kaza ba a ɗauka ba. Bai kawo labarin mai takarda da ke bin sa ba, ko albashin yaransa, duk da cewa gaskiya ne. Irin wannan koke yana mai da hakki ya zama roƙo, kuma yana gayyatar ɗaya ɓangaren ya jero nasa matsalolin, a koma gasar wa ya fi shan wuya. Ga yadda saƙon yakan fito daga hannun wanda ransa ya ɓaci: “Hajiya, gaskiya ban ji daɗi ba. Mun yi da ke kwana 30, yau ga shi har an wuce. Ki sani akwai tara kamar yadda kika sa hannu, kuma ba zan ɗaga ba.” Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma jimla uku ne kuma biyu a kanta suke, ba a kan kuɗin ba. Ba adadi, ba rana, ba ƙofar fita. Dattijuwar da ta karanta wannan daga wanda ta haifa a shekaru, abin da za ta fara karewa shi ne mutuncinta, kuɗin kuwa sai ya biyo baya.

Ko saƙo mai kyau yana iya gamuwa da zafi. A ce Hajiya ta kira ta ce: “Yanzu ɗan nan ni za ka yi wa maganar tara? Shekara nawa muna tare?” A nan ne yawanci ake faɗuwa, ko dai a rikice a ce wallahi a bar maganar, ko a ɗaga murya. Amsar da ta dace gajera ce, kuma ba ta janye komai ba: “Hajiya, ai saboda zaman taren ne na kira tun kafin ranar ta zo. Ba na so ki gan shi a lissafi ba ki ji daga bakina ba. Kuɗin ma ba nawa ba ne, na marayu ne, kuma ni na fi son a biya kafin ranar 8 kada ya hau.” Daga nan sai ya yi shiru ya bar ta ta yi magana. Shirun yana da wuya, amma wanda ya cike shi da ban haƙuri a jere yakan wayi gari ya yafe abin da bai yi niyyar yafewa ba.

Ranar 7 ga Oktoba aka turo naira 400,000. Ya aika godiya da rasit a ranar, ya rubuta cewa saura naira 300,000, kuma lissafin sharaɗi na shida ya sauko zuwa naira 6,000 a wata, wato naira 200 a kowace rana daga 9 ga wata. Wannan ƙaramin saƙo yana da muhimmanci, domin ya nuna mata cewa ƙoƙarinta ya rage wani abu a zahiri. Kuskuren da wasu ke yi a nan shi ne su ci gaba da lissafa tarar a kan adadin farko, ko su ɗora tara a kan tara. Duk wanda aka kama da wannan sau ɗaya, ba za a ƙara yarda da lambobinsa ba.

Ciko ya shigo ranar 23 ga Oktoba. Daga 9 zuwa 23 kwana 15 ne, sau naira 200, naira 3,000. Mai maɗaba'a ya rubuta takardar rufe lissafi mai layi uku: an biya kuɗin aiki duka, sharaɗi na shida ya kama naira 3,000, ga asusun gidan marayu, ko a tura kai tsaye a aiko masa da shaida ko a ba shi ya kai ya kawo rasit. Ya fi kyau mai saye ya tura da kansa, don kada zato ya shiga. Wani zai ce naira 3,000 a kan aikin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba ta kai a yi magana ba. Ta kai, domin sharaɗin da aka yi shiru a kansa a karon farko ya zama ado, kuma wanda ya saba ƙyalewa ba tare da faɗa ba, idan wata rana ya tashi nema, ana iya kafa masa hujja da ɗabi'arsa, a ce ai ya daɗe da sauke hakkinsa. Inda tarar diyya ce ta mai kaya kuma ya ga dama ya yafe, to ya yafe a rubuce, ya ce na wannan karon ne kuma sharaɗin yana nan.

Duk wannan ya shafi mai hali ne. Da a ce bincike ya nuna makarantar ta shiga matsi na haƙiƙa, gobara ce ta tashi ko an rufe ta na wani lokaci, to maganar tara ba ta taso ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma hadisin da ya kira jinkirin biya zalunci, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, a kan mawadaci yake magana. Abin da ya dace a irin wannan hali shi ne a zauna a sa sabuwar rana, ko a raba cikon kashi biyu ko uku, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Sabon wa'adin da aka rubuta ya fi kowane irin “ba komai” na baki, domin ba komai ba shi da ranar ƙarewa, kuma shi ne ke haifar da rigimar watanni shida masu zuwa.

Sai batun wuri, wanda a wajen mutanenmu yakan fi kalmomin nauyi. Ba a yin maganar a zauren WhatsApp na ƙungiyar masu makarantu, ba a yin ta a wajen ɗaurin aure ko a ƙofar masallaci, ba a aika yaron shago ya faɗa wa babba, kuma ba a hawa shafin sada zumunta a yi habaici da masu cin bashi. An ga ƙarshen wannan hanya a wajen kamfanonin ba da rance ta waya, waɗanda suka riƙa tura wa 'yan'uwa da abokan wanda ake bi saƙonnin tozarci, har hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai kai nan ba, amma ya sani cewa fallasa tana iya juyewa ta zama ƙarar ɓata suna a kansa, kuma mutumin da aka riga aka kunyata ba shi da sauran abin da yake tsoron rasawa idan ya ƙi biya. Idan ana bukatar mutum na uku, a nemi wanda ya haɗa cinikin ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kuma a sanar da mai bashin kafin a je wajensa.

Akwai lokacin da taushi ya gama aikinsa. Idan an yi saƙo uku a rubuce, an yi kira, an sa rana an saba, kuma wayar ta daina shiga, sai a koma takardar neman biya ta ƙarshe mai ɗauke da tarihin abin: ranar kai kaya, abin da aka biya, abin da ya rage, sharaɗin da lambarsa, da wa'adin ƙarshe. Ita ma ba ta bukatar zagi ko alwashi. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano da wasu jihohi suka biyo baya, kuma an tsara su ne don mutum ya iya shigar da ƙararsa ko ba lauya. Abin da za a nema a can shi ne takardu, kuma saƙonnin da aka rubuta cikin natsuwa, masu rana da adadi, su ne za su tsaya wa mai kaya. Saƙon fushi kuwa ɗaya ɓangaren ne zai karanta wa alƙali.

Mai maɗaba'armu bai kai can ba. Da Hajiya ta neme shi a Disamba don aikin zango na biyu, ya zo da takarda iri ɗaya, amma ya gyara abu guda da jinkirin ya koya masa game da makarantar: kuɗinta ba sa taruwa sai an yi makonni da komawa, kuma albashi ke fara fita. Ya ba da shawarar a mai da wa'adin kwana 45 maimakon 30, a ɗaga kafin alƙalami zuwa rabin kuɗin aiki don ya iya sayen takarda da tawada ba tare da ya ci bashi ba. Sharaɗi na biyar da na shida ya bar su yadda suke, ya karanta su da babbar murya a gabanta da akawu kafin kowa ya ɗauki biro.